Yadda Ake Karanta Takardar Inshorar Mota Kafin a Biya Ko Sisi

Wanda zai yi inshora karon farko tambaya ɗaya yake yi wa wakilin kamfani: "Nawa ne?" Shi kuwa wakili ya san haka, shi ya sa yake zuwa da amsarta a bakinsa. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce: in abin da nake gudu ya faru, nawa za su saka a hannuna, kuma a wane hali ne za su ce ba su biya? Amsar tana cikin kalmomi uku da ke jikin takardar, wato firimiyam, kuɗin da kake biyan kamfani; didaktibul, kason asarar da kai za ka ɗauka da kanka; da togaciya, abubuwan da kamfani ya ce ba ya biya. Ukun ɗaure suke da juna. Duk inda ka ga an sassauta maka ɗaya, to ka duba, an tsuke ɗaya daga cikin biyun da suka rage.

Zan ɗauki inshorar mota in bi ta daki-daki, domin yawancin mutane da ita suke fara sanin inshora. Alƙaluman da za ka gani misali ne kawai don lissafi ya fito fili, ka ɗauke su a kowane irin kuɗi kake amfani da shi. Mu ce motarka ta kai 6,000,000 a kasuwa, kuma kamfanoni biyu sun ba ka farashi. Na farko ya ce 240,000 a shekara, na biyu ya ce 180,000. Riƙe waɗannan, za mu yi ta komawa kansu.

Mataki na 1: Ka karɓi takardun gaba ɗaya kafin kuɗi ya fita

Abin da ake kira folisi ba falle ɗaya ba ne. Akwai takardar farashi, wadda tayi ce kawai. Akwai takardar bayanai, mai ɗauke da sunanka, lambar mota, darajar da aka rubuta mata, ranar da kariya za ta fara da ranar da za ta ƙare, da adadin didaktibul. Sai kundin sharuɗɗa, mai shafuka da yawa da ƙananan rubutu, wanda kusan kowa ke jefawa a aljihun gaban mota bai buɗe ba. Sannan akwai satifiket, falle ɗayan da ake nuna wa jami'an hanya.

Satifiket shaida ce kawai cewa ka yi inshora. Ranar rikici ba shi za a ɗauko ba, kundin nan za a ɗauko tare da takardar bayanai. Don haka ka ce a ba ka su tun kana ciniki. In wakili ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sai ka biya sannan takardun za su fito," ka amsa masa cewa ba wadda ke da sunanka kake nema ba, samfurin sharuɗɗan kake so ka karanta. Kamfanoni suna da shi a rubuce tun kafin ka zo. Wanda ya hana ka ganin sharuɗɗa kafin biya, ya riga ya gaya maka wani abu game da kansa.

A nan kuma za ka tabbatar da irin inshorar da ake sayar maka. Akwai wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wasu kawai: motarsu, dukiyarsu, rauni ko rai. Ita ce doka ta wajabta a ƙasashe da yawa, kuma ba ta gyara maka ko madubin motarka. Akwai ta tsakiya, wadda ta ƙara gobara da sata. Sai cikakkiya, wadda ta haɗa da lalacewar motarka ko da laifin naka ne. Misalinmu na cikakkiya ne. Kalmar "cikakkiya" kuwa suna ne kawai na kasuwanci, za ka ga dalili in mun zo kan togaciya.

Mataki na 2: Ka cika fom da gaskiya, ka rubuta darajar motar daidai

Fom ɗin zai tambaye ka wane ne zai riƙa tuƙa motar, shekarunsa nawa, ina take kwana, me ake yi da ita, ko ka taɓa yin haɗari. Da amsoshin nan ake yanka maka farashi, kuma da su ake ƙin biyanka in suka zama ƙarya. Ƙa'idar tsohuwa ce. A shekarar 1766, a wata shari'a a Ingila tsakanin Carter da Boehm, alƙali Mansfield ya bayyana cewa inshora ciniki ne a kan abin da bai faru ba tukuna, kuma mai neman inshora shi ya fi sanin halin abinsa, don haka kamfani dogaro yake yi da abin da aka faɗa masa. Har yau kamfanoni a kan wannan suke tsaye, ko da yake wasu ƙasashe sun sassauta dokar ga ɗaiɗaikun masu saye.

Kada ka bar wakili ya cika maka fom kai kuma ka sa hannu ba ka karanta ba. Shi burinsa ciniki ya faɗa. In ya rubuta cewa motar a gida mai ƙofa take kwana alhali a bakin titi kake ajiye ta, sa hannunka ne a ƙasa, ba nasa ba.

Batun daraja ya fi jawo wa mutane asara. Inshorar dukiya tana mayar da kai inda kake kafin abin ya faru ne, ba ta ba ka riba. In ka rubuta 8,000,000 a kan motar 6,000,000, ka biya kuɗi a kan iska, domin a yawancin takardu abin da motar ta kai a kasuwa ranar da aka yi asarar shi za a duba. In kuma ka rage, ka rubuta 4,000,000 don farashi ya sauko, akwai wani tarko. Wasu takardu suna da sharaɗin biya gwargwado: tunda kashi biyu cikin uku na darajar ka yi wa inshora, kashi biyu cikin uku na kowace asara za a biya ka. Gyara ya tashi 900,000, sai su lissafa 600,000, sannan su cire didaktibul a ciki. A farashin kamfanin farko ka tsira da 80,000 ranar biya, ka rasa 300,000 ranar gyara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mataki na 3: Ka gane abin da firimiyam yake saya maka

Firimiyam shi ne kuɗin da kake biya don kamfani ya ɗauki nauyin haɗarinka na wani ƙayyadadden lokaci, galibi shekara guda. Ba ajiya ba ce. In shekara ta ƙare lafiya ƙalau, ba a mayar maka da shi, domin an zuba shi cikin tukunya ɗaya da na sauran masu inshora, daga ciki aka biya waɗanda tsautsayi ya faɗa wa. A tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, ana kiransa gudummawa, kuma akan raba rarar da ta saura bisa ƙa'idar da aka amince da ita, amma didaktibul da togaciya suna nan daram a can ma, don haka duk abin da ke tafe ya shafi mai takaful.

A misalinmu, 240,000 kashi 4 cikin 100 ne na darajar motar, 180,000 kuwa kashi 3. Abubuwa uku za ka tambaya. Na farko, adadin da aka faɗa maka shi ne duka, ko akwai haraji da kuɗin takarda a kai? Na biyu, in za ka biya kashi-kashi, nawa jimlar za ta kama a ƙarshen shekara, kuma me zai faru in wata ɗaya ya kuɓuce maka? A takardu da yawa kariya tana tsayawa ne idan biya ya tsaya, kuma haɗari ba ya jiran albashi. Na uku, daga wace rana da wace sa'a kariyar za ta fara? Kuɗin da ka miƙa wa wakili a hannu bai zama lalle ya isa kamfani ba. Ka biya ta hanyar da za ta bar shaida, ka karɓi rasit mai sunan kamfanin, ba na wakili ba.

Akwai kuma rangwamen rashin neman diyya. Kamfanoni da yawa suna rage wa mutum firimiyam a shekara mai zuwa in bai nemi a biya shi komai ba. Ka tambayi kashi nawa ne, domin zai shiga lissafin mataki na gaba.

Mataki na 4: Ka zauna da biro ka lissafa didaktibul

Nan ne gizo ke saƙa. Didaktibul shi ne kason farko na asara da kai za ka ɗauka da aljihunka kafin kamfani ya sa hannu. Amurkawa ke kiransa haka, a Birtaniya da ƙasashen da suka bi tsarinta ana cewa ekses. Duk abu ɗaya ne a wajen mai mota. An sa shi ne saboda dalili biyu: kada kamfani ya ɓata ma'aikata da takardu kan kowane ɗan ƙarce, kuma kada mai mota ya saki jiki ya ce ai akwai mai biya.

Abin da sababbin shiga ba su cika ganewa ba shi ne, a inshorar mota ana cire shi ne a kowane haɗari, ba sau ɗaya a shekara ba. Ka yi karo a watan biyu, ka sake yi a watan tara, sau biyu za ka ɗauka. A inshorar lafiya ne aka fi samun wanda ake tarawa a shekara.

Yanzu mu buɗe takardun kamfanonin biyu. Na farko ya rubuta didaktibul 50,000, tsayayye. Na biyu, mai araha, ya rubuta kashi 10 cikin 100 na asarar, amma kada ya gaza 150,000. Sharaɗi irin na kamfani na biyun yana nufin a ɗauki wanda ya fi yawa tsakanin kashi 10 ɗin da 150,000.

Wata rana kana ribas ka daki ginshiƙi, bamba ta tsage, fitilar baya ta fashe. Gyara 120,000. Kamfanin farko zai cire 50,000 ya ba ka 70,000. Na biyu ba zai ba ka ko anini ba, domin asarar ba ta kai 150,000 ba. Ba cuta ba ce, abin da ka sa hannu a kai ke nan.

Mu ce karon ya fi haka: gaba ya lotse, lagireto ya huje, bonet ya tashi, gyara 900,000. Na farko zai biya 850,000. Na biyu zai duba kashi 10 cikin 100, ya ga 90,000 ne, bai kai 150,000 ba, sai ya cire 150,000 ya biya 750,000.

Mu ce kuma an sace motar ba a same ta ba, mai ƙiyasta asara ya ce a ranar ta kai 5,500,000 saboda ta ƙara tsufa. Na farko zai biya 5,450,000. Na biyu zai cire kashi 10 cikin 100, wato 550,000, ya biya 4,950,000. Bambanci rabin miliyan. Wannan shi ne halin didaktibul na kaso: yana girma tare da masifa, ya fi cizo a ranar da ka fi bukatar taimako.

To shin mai arahar ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, ga wani. A matsakaicin haɗari bambancin didaktibul ɗinsu 100,000 ne, kai kuma kana tsira da 60,000 duk shekara. Raba 100,000 da 60,000, za ka samu shekara ɗaya da wata takwas. Ma'ana, in kana shafe fiye da wata 20 ba ka yi irin wannan karon ba, mai arahar ya fi maka riba a wannan ɓangaren. Direba mai natsuwa da ba ya yawan fita, kuma yana da 150,000 a ajiye, zai iya zaɓarsa da idonsa a buɗe. Amma ni ma'aunina ɗaya ne: kada ka karɓi didaktibul ɗin da ba za ka iya fito da shi cikin mako guda ba tare da cin bashi ba. Na ga motar da ta yi wata uku a gareji, kamfani ya amince da nasa kason, mai ita ya kasa kawo nasa, ƙura ta rufe gilashin har yara suna rubutu da yatsa a kai.

Ka duba ko didaktibul ɗin ɗaya ne ko suna hawa kan juna. Akwai na dole da kamfani ya sa, akwai na ganin dama da kai ka ƙara don firimiyam ya sauko, kuma haɗa su ake yi. Sau da yawa akwai ƙari idan direban yaro ne, misali ƙasa da shekara 25, ko sabon lasisi ne da shi. Gilashin gaba kan zo da nasa daban. Ka tambayi wakili kai tsaye: "Malam, in ɗana ne ke tuƙi aka yi karon, nawa za a cire gaba ɗaya?" Ka sa ya nuna maka layin.

Sai batun ƙananan gyare-gyare. A ce kamfanin farko yana ba da rangwamen kashi 10 cikin 100 ga wanda bai nemi diyya ba, wato 24,000. Ka goge ƙofa, gyara 70,000. In ka kai musu, 20,000 za su ba ka, ka rasa rangwamen 24,000. Gara ka gyara abinka. Sai dai ka lura, takardu da yawa sun ce ka sanar da su kowane haɗari ko da ba ka neman komai, musamman in da wani a ciki. Sanarwa daban, neman diyya daban.

Mataki na 5: Ka karanta togaciya layi-layi, kana gwada ta da rayuwarka

Togaciya ita ce jerin abubuwan da kamfani ya ce babu ruwansa da su. Didaktibul rage maka kuɗi yake yi, togaciya kuwa hana ka duka take yi. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara karanta kundin daga wannan babi.

A wuri uku take ɓuya. Akwai ta gaba ɗaya, galibi wajen ƙarshen kundin. Akwai ta kowane sashe, a ƙarƙashin kalmomi irin su "abin da ba mu biya". Sai wadda aka liƙa maka kai kaɗai a takardar bayanai, wani lokaci da lamba kawai, sai ka bi lambar ka nemo bayaninta. Babin ma'anar kalmomi ma yana aikin togaciya a ɓoye: in sun ce "mota" tana nufin motar da kayan da ta fito da su daga masana'anta, to rediyo mai tsada da ka ƙara ya fita.

Wasu togaciyoyin kusan ko'ina za ka same su. Tsufa da cinyewar kaya, da lalacewar inji ko lantarki da ba haɗari ya jawo ba: inji ya buga saboda ba a sauya baƙin mai ba, wannan naka ne. Fashewar taya ita kaɗai. Tuƙi cikin maye. Tuƙi ba lasisi ko da lasisin da bai dace da irin motar ba. Tseren mota. Yaƙi. Ɓarnar ganganci. Waɗannan ba abin ciniki ba ne, sani kawai ake yi.

Waɗanda za ka tsaya a kansu su ne masu bambanta tsakanin kamfani da kamfani. Uku ne suka fi kama mutane.

Ta farko, wane ne aka yarda ya tuƙa. Wata takarda ta ce duk mai lasisi da ka ba izini, wata ta ce wanda aka rubuta sunansa kaɗai. Wani abokina ya ba ƙaninsa makulli ya je ya ɗauko mahaifiyarsu, a hanya yaron ya hau bayan wata babbar mota. Lasisinsa lafiya, bai sha komai ba. Da suka je ofishin kamfanin, ma'aikaciyar ta buɗe takardar bayanai, ta ɗora yatsa a kan wani ɗan layi da ke ƙasan lambar mota, ta ce, "Alhaji, ka duba nan, sunanka kaɗai ne." Ya ce ai wakili ya ce masa ta haɗa komai. Ta ce, "Ka yi haƙuri, abin da ke rubuce shi muke bi." Ya kalli layin ya daɗe, sannan ya ninke takardar. Ƙara sunan ƙanin tun farko da ɗan abu kaɗan zai ci.

Ta biyu, me ake yi da motar. Inshorar motar gida ba ta ɗaukar haya. Ranar da ka fara ɗaukar fasinja don kuɗi, ko ka yi rajista da manhajar tasi, ko kana kai wa mutane kaya ana biyanka, ka fita daga abin da aka yi yarjejeniya a kai, ko da sau ɗaya ka yi a mako. Wasu takardun har zirga-zirgar kasuwanci suna bambanta ta da zuwa wurin aiki. In kana da niyya, faɗa tun yanzu a yanka maka farashin da ya dace.

Ta uku, ambaliya, tarzoma da yajin aiki. A wasu wurare suna cikin cikakkiyar inshora, a wasu sai ka biya ƙari a saka maka. Mu ce a misalinmu kamfanin farko ya haɗa da ambaliya, na biyu ya togace ta. Ruwa ya ci motar a inda ka ajiye ta, gyaran inji da lantarki 1,400,000. Na farko ya biya 1,350,000, na biyu ya aiko da wasiƙar jaje. Ka ga yanzu inda ragin 60,000 ɗin ya fito. Ko a wajen wanda ya haɗa da ambaliyar, ka duba ko ya togace wanda ya kutsa cikin ruwa da gangan ko ya yi ta murza makulli bayan ruwa ya shiga inji, domin wannan murzawar ce takan lanƙwasa ƙarafan ciki.

Sata ma tana da nata layin. In ka bar makulli a jiki ka shiga sayen abu, ko ka miƙa motar da hannunka ga wanda ya yaudare ka da sunan saye, takardu da yawa ba su biya. Sannan ka duba iyakar ƙasa: kariyar tana bin ka in ka tsallaka wata ƙasa, ko a bakin iyaka take tsayawa?

Hanyar aiki mai sauƙi ce. Ka ɗauki takarda ka rubuta yadda motar ta yi watan da ya wuce: wa ya tuƙa ta, ina ta je, ina ta kwana, me ta ɗauka. Sai ka bi togaciyar kana dubawa. Duk inda suka ci karo, ka nemi a cire togaciyar da ƙarin kuɗi, kuma gyaran ya zo a rubuce, da tambarin kamfani, a liƙe da folisinka. Alƙawarin baki na wakili ba ya biyan diyya.

Mataki na 6: Ka duba iyakar biya da ragin tsufa

Ko abin da aka yarda za a biya yana da rufi. Ɓarnar dukiyar wasu tana da iyaka, janyo mota zuwa gareji yana da iyaka, kayan da ke cikin mota suna da tasu, kuma galibi ƙarama ce. Abin da ya haura iyakar daga aljihunka zai fita.

Ragin tsufa kuma shi ne ya fi ba mutane haushi. Tayarka ta ci rabi, haɗari ya yaga ta, aka saka sabuwa. Kamfani zai iya cewa ka samu abin da ya fi wanda ka rasa, don haka ka biya wani kaso. Haka batir, wani lokaci har da fenti. Ka tambaya ko suna yin wannan ragin, kuma a kan waɗanne kaya. Ka tambaya kuma yaushe suke ɗaukar mota a matsayin wadda ta tashi daga aiki: in kuɗin gyara ya kai wani kaso na darajarta, sukan biya darajar su ɗauki gawar motar. Kason ya bambanta, ka sa a nuna maka nasu.

Mataki na 7: Ka san sharuɗɗan ranar haɗari tun kafin ranar

Mutum zai iya tsallake duk togaciya, ya zo ya faɗi a nan. Kundin zai faɗi cikin kwana nawa za ka sanar da kamfani. Nemo adadin, ka rubuta shi tare da lambar folisi da lambar wayar sashen diyya, ka adana a wayarka, ba a cikin motar kaɗai ba, tunda motar ce ake iya sacewa.

In abin ya faru, bayan an kula da wanda ya ji rauni, ka ɗauki hotuna kafin a motsa motoci in hali ya yi: lambobin motocin, inda suka haɗu, alamar birki a kwalta. Ka karɓi bayanan ɗaya direban da na shaidu. Ka kai rahoto ga 'yan sanda inda ake bukata, a sata kuwa ba makawa. Kada ka ce "laifina ne, zan biya," kuma kada ka yi sulhu a bakin hanya ka karɓi kuɗi ko ka yafe. Wannan yana yi wa mutumin kirki nauyi, amma akwai dalili: bayan kamfani ya biya ka, yana da haƙƙin bin wanda ya yi laifin ya karɓo kuɗinsa, in ka yafe ka toshe masa hanya, shi kuma zai iya riƙe naka. Ta wannan hanyar ce ma wani lokaci ake dawo maka da didaktibul ɗinka in laifin na wancan ne.

Kada bakanike ya kwance ko kusa ɗaya kafin mai ƙiyasta asara ya ga motar ko kamfani ya ba da izini a rubuce. Wasu kamfanonin suna da garejin da suka amince da su, in ka kai wani wuri sai su biya abin da nasu zai caja kawai.

Mataki na 8: Bayan ka biya, ka sake dubawa

Da takardunka sun iso, ka ɗauki takardar bayanai ka fita wajen motar. Gwada lambar mota, lambar inji da lambar shasi harafi-harafi da abin da ke jikin ƙarfen. Duba sunanka ya yi daidai da na lasisi. Duba daraja, didaktibul, sunayen direbobi, da ƙarin kariyar da ka biya, ko sun fito kamar yadda kuka yi. Kuskuren harafi ɗaya a yau minti biyar ne gyaransa, a ranar neman diyya kuwa makonni zai ci.

Ka tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda hukumar kula da inshora ta ƙasarka ta ba lasisi, sannan ka kira ofishinsu da kanka, ba ta wayar wakili ba, ka karanta musu lambar folisin su tabbatar tana cikin rajistarsu. Wasu ƙasashe suna ba da 'yan kwanakin sake tunani, a Birtaniya kwana 14 ne, inda za ka iya fasawa a mayar maka da kuɗinka bayan an cire na kwanakin da aka kare ka. Duba ko takardarka ta ambaci irin wannan. Daga nan sai ka sa wa wayarka tunatarwa wata guda kafin ranar ƙarewa, kuma duk lokacin da wani abu ya canza a tsakiyar shekara, sabon direba, sabon gida, ko motar ta fara haya, ka rubuta musu a ranar, ka ajiye amsar da suka aiko tare da kundin.